Silin Rataye: Lissafin Da Ake Farawa Daga Tsakiyar Ɗaki

In ka shiga banki, ko asibiti, ko babban shagon magani, ɗaga kai ka dubi silin. Kada ka tsaya a tsakiya, domin tsakiyar silin rataye kusan kullum kyakkyawa ce, alluna fari fat a jere kamar gadon dara. Kai idonka bakin bango. A can ne za ka san ko an zauna an yi lissafi kafin a fara aikin, ko kuwa an faro ne daga kusurwa ɗaya ana tafiya har bango ya tare hanya. In ka ga allo cikakke a bangon dama, ka ga wani siririn yanki da bai fi faɗin tafin hannu ba a bangon hagu, to mai aikin bai riƙe biro ba. Kuma ina mai tabbatar maka, ranar da aka yi wannan aikin sai da aka koma kasuwa.

Yawancin masu gida da masu sayar da kaya hanya ɗaya suka sani: a buga tsawon ɗaki da faɗinsa, a samu murabba'in mita, a raba da girman allo, a ɗora kashi goma cikin ɗari saboda ɓarna. Wannan hanya ba ƙarya ba ce. A babban ɗakin taro takan faɗa kusa da gaskiya. Amma a ɗakunan da galibinmu muke ginawa, falo ko ofis ko shago, tana yaudara, don a ƙaramin ɗaki bakin bango ne yake cin kaya, ita kuwa ba ta san da bango ba. Abin da nake so mai karatu ya fita da shi shi ne ƙirga ta layi-layi, a kan takarda, kafin a je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar Katako a Yamai.

Kayan guda biyar ne kawai. Akwai allon silin, wanda gurbinsa santimita 60 ne ta kowane gefe. Akwai doguwar sanda, da ake ce wa men-ti a kasuwa, tsawonta mita 3.6, ita ce ƙashin bayan silin, ita ake ratayewa. Akwai sandunan da ke gitta ta, wato kuros-ti, iri biyu: matsakaiciya mai santimita 120 da gajeruwa mai santimita 60. Akwai angul, ƙarfen da ake bugawa a jikin bango ya zagaye ɗakin, yawanci mita 3. Sai hanga, wayar da ke saukowa daga sama ta riƙe doguwar sanda. Dogayen sanduna suna tafiya a jere, tsakaninsu santimita 120. Matsakaita suna haɗa su duk bayan santimita 60. Gajeru kuma suna raba kowane dogon gurbi biyu, ya zama murabba'i.

Awo, da allunan gefe

Mu ɗauki falo mai tsawon mita 5.30 da faɗin mita 3.90. Wannan awon daga jikin bango za a ɗauke shi bayan an gama filasta, ba daga zanen gini ba, kuma a daidai tsayin da silin zai zauna, ba a ƙasa ba. Bangon da birkila ya ɗora da hannu ba ya rasa karkata. A auna tsawon a wuri uku, faɗin ma a wuri uku, a yi lissafin saye da awon da ya fi girma. Sannan a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a sake yi ta ɗaya ɓangaren. A falonmu, in ɗakin ya miƙe sosai, kowanne zai ba da mita 6.58. In ɗaya ya fi ɗaya da santimita uku ko huɗu, ɗakin ya murɗe, kuma allunan gefe ba za su zo da faɗi ɗaya ba. Kowanne sai an auna shi shi kaɗai kafin a yanka.

Ga abin da tsohuwar hanya za ta ce. Mita 5.30 sau 3.90 ya ba da murabba'in mita 20.67. Allo ɗaya yana rufe 0.36. In ka raba, ka samu allo 58. Ɗora kashi goma cikin ɗari, ka tashi da 64, ka koma gida kana ganin kana da rarar shida.

Yanzu mu ƙirga ta layi. Tsawon santimita 530 ne. Allo takwas sun ci 480, saura 50. In aka raba ragowar gida biyu don kowane bango ya samu rabonsa, allon gefe zai zama santimita 25. Masu aikin da suka san hannunsu ba sa son allon gefe ya gaza rabin allo, wato santimita 30. Dalili biyu ne. Siririn allo ba shi da nauyin da zai zauna daram, yana saurin karyewa wajen yanka, sannan yana tona asirin bango: karkatar santimita biyu a jikin yanki mai santimita 25 kowa zai gan ta, amma a jikin mai 55 sai wanda ya zo nema. Maganin shi ne a cire allo ɗaya daga cikin cikakkun a haɗa da ragowar. Saura 50 a tara da 60, ya zama 110, a raba biyu, 55. Ke nan a tsawon falon za a samu yankakke mai 55, cikakku bakwai, sannan wani mai 55. Gurbi tara.

Faɗin kuma santimita 390 ne. Allo shida sun ci 360, saura 30, wanda zai ba kowane gefe 15 kacal. Nan ma a cire allo ɗaya: 30 da 60 sun zama 90, rabinsa 45. Yankakke mai 45, cikakku biyar, wani mai 45. Gurbi bakwai.

Tara sau bakwai, gurbi 63. Cikakku a tsakiya 35 ne kawai, sauran 28 duk sai an sa musu wuƙa. Kuma abin da ake yankewa, santimita 5 a nan, 15 a can, ba ya shiga ko'ina, shara ce. Saboda haka kowane gurbi allo guda yake ci, babba ne ko yankakke. Wanda ya sayo 64 yana zaton yana da rarar shida, ashe rarar ɗaya gare shi. Allo ɗaya ya kuɓuce daga hannun yaro a kan tsani, ɗaya ya tsage a bakin wuƙa, aiki ya tsaya. A kan 63 ɗin ne ya kamata a ɗora ɓarna, uku ko huɗu, a nemi 66 ko 67. Sai a tambayi mai shago allo nawa ne a kwali, don kamfanoni sun bambanta. In takwas ne, kwali tara. In goma ne, kwali bakwai.

Wani zai ce ai da an bar gefen a santimita 15, da allo ɗaya ya ba da yanki uku ko huɗu, an rage allo uku ko huɗu. Haka ne. Amma an ƙara layin sanda guda a tsawon ɗakin, kuɗin da aka tsira da shi a allo ya koma ƙarfe, sannan aka gaji munin da za a riƙa kallo shekara da shekaru. Ni dai ban ga ribar ba. Araha ba ta ado.

Akwai wata kyauta da wannan tsarin ya bayar ba tare da an nema ba. Tunda gurabun tara ne da bakwai, duka mara, tsakiyar ɗakin ta faɗa a tsakiyar allo, ba a kan sanda ba. Ƙarfen fanka zai sauko ta ramin da aka huda a cikin allo, ba sai an yanke sanda ko an gusar da fanka gefe ba. Duk mai niyyar sa fanka a tsakiya ya duba wannan tun a takarda.

Dogayen sanduna

Nan ne lissafin ya fi daɗi, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Da farko a yanke shawarar inda za su dosa. In rufin kwano ne, dogayen sanduna su gitta katakan da ke sama, don kowace ta riƙa samun inda za a ɗaura mata hanga. In suka bi katakan a jere, wata za ta faɗa a tsakanin katako biyu, babu abin riƙo a samanta. In dakin ne na kankare, kana da zaɓi. A falonmu mu ce sun bi tsawon ɗakin.

In ka tsaya a bango ɗaya ka auna zuwa ɗayan, layukan ƙarfe shida ne za su ratsa: a santimita 45, 105, 165, 225, 285 da 345. Wanne ne zai zama doguwar sanda? In ka fara da 45 kana tsallake ɗaya, za ka samu 45, 165 da 285. Sanda uku. Amma daga 285 zuwa bango saura santimita 105, babu abin da ke riƙe da wannan fili sai yankakkun sanduna da suka ɗora kai a kan angul. Angul ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Aikinsa tare baki ne. Ƙa'idar masu ƙera kayan ita ce, yankakkiyar sandar da ta wuce santimita 60 tana bukatar abin riƙo nata na kanta. In ka taɓa ganin silin da ya yi ciki a gefe ɗaya kawai, kusa da bango, alhali tsakiyarsa lafiya lau, yawanci wannan ne ciwonsa.

Gyaran shi ne sanda ta huɗu, kuma a jera su yadda ɗakin zai daidaita: a 45, 165, 225 da 345. Fili mai faɗin 120 a dama, wani a hagu, siriri mai 60 a tsakiya. Daga ƙasa ba wanda zai gane, tunda fuskar sandunan iri ɗaya ce, ido murabba'ai kawai yake gani. Wannan yana faruwa a duk lokacin da cikakkun alluna a faɗin ɗaki suka zama mara, kamar biyar ɗinmu. In shida ne ko huɗu, tsallake ɗaya zai kai ka daidai.

Layi huɗu, kowanne mita 5.30, jimla mita 21.2. Tsohuwar hanya, mai ba kowane murabba'in mita kusan santimita 84 na doguwar sanda, da ta ce ka sayi biyar. Gaskiyar lissafi shida ne: cikakkiya ɗaya a kowane layi, sannan ƙarin mita 1.70, wanda sanda ɗaya za ta ba layi biyu, tunda kowane bakinta yana da harshen haɗi.

Amma kada ka biya kuɗi sai ka ɗauki sandar ka dubi jikinta. Akwai tsagogi da aka huda inda kuros-ti ke shiga, kuma dole tsaga ta faɗa daidai inda layin farko yake, a santimita 55 daga bango. Wasu sandunan tsagoginsu duk bayan santimita 10 ne, na farko a 5. Waɗannan suna da tsaga a 55, babu damuwa. Wasu kuma duk bayan 15 ne, na farko a 7.5, sai ka samu tsaga a 52.5, ta gaba a 67.5. In ka dage sai 55, dole ka yanke santimita 12.5 daga bakin sandar. Abin da ya rage ka cike zai tashi daga 170 zuwa 182.5, wanda ya fi rabin sanda da santimita biyu da rabi. Saboda wannan ɗan abin, sanda ɗaya ba za ta ƙara isar layi biyu ba, shida ta koma takwas. Gwani ba ya sayen biyun nan. Yana gusar da tsarin gaba ɗaya da santimita biyu da rabi, gefe ɗaya ya zama 52.5, ɗayan 57.5. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to bambancin santimita biyar tsakanin bango biyu da ke nesa da juna fiye da mita biyar ya fi ƙarfin kimarsa. Duk da haka ina ba da shawarar a sayi bakwai, don yanka ɗaya da aka yi a gurguje ya isa ya kashe sanda.

Sandunan gitta ba su da wuya in zanen yana gabanka. Layi takwas ne ke gitta ɗakin, tunda gurbi tara ne. Fili mai faɗin 120 guda biyu, kowanne matsakaita takwas, 16 ke nan. Gajeru kuwa wuri uku suke shiga. Tsakiyar kowane babban fili akwai layi mai bin tsawon ɗakin, guda tara-tara, 18. Siririn filin tsakiya yana cin takwas. Gefuna biyu masu santimita 45 suna cin takwas-takwas, 16. Jimla 42. Tsohuwar hanya da ta ba ka 29 na kowanne, wato matsakaita 13 da ba ka bukata, gajeru 13 da ba ka da su. Wanda ya riga ya sayo haka bai yi asara duka ba, don matsakaiciya ɗaya in an yanka ta tana ba da guntaye biyu na gefe, kowanne da harshensa. Sai dai yanka ne da ɓata lokaci da aka iya kauce musu.

Angul shi kaɗai ne kayan da ba ruwansa da tsari. Kewayen ɗakin mita 18.4 ne, a raba da 3, ya wuce shida da kaɗan, don haka bakwai. In da ginshiƙi a cikin ɗakin ko wani lungu da bango ya shiga, a auna kewayensa a ƙara. Ana yawan mantawa da wannan. Ana buga shi da ƙusar kankare ko sukuru duk bayan kusan santimita 40, wajen guda 50 ke nan. Layin da zai bi kuwa da tiyon ruwa ake fitar da shi, ko na'urar leza ga mai ita. Kada a auna daga daɓe zuwa sama, kada kuma a auna daga dakin zuwa ƙasa, don dukansu biyu ba su da tabbas. A bar aƙalla santimita 10 tsakanin silin da duk abin da ya fi sauka a sama, bim ne ko bututu, saboda allo a karkace ake tura shi ta cikin gurbi sannan a kwantar da shi.

Hanga

Duk abin da muka lissafa zuwa yanzu ana ganinsa. Hanga ba a ganinta, shi ya sa a nan ake rage kaya, kuma wannan yana ɓata mini rai fiye da komai a wannan sana'a. Allon jifsam mai fatar roba, irin wanda ya cika kasuwanninmu, yana kai kusan kilo 2. Silin falon nan ya haura kilo 100, kuma a ƙarƙashinsa yara za su kwanta kallo.

Ƙa'ida ita ce tsakanin hanga da hanga a jikin doguwar sanda kada ya wuce santimita 120, ta farko kuma kada ta yi nisa da bango fiye da 45. A sandarmu mai santimita 530, cire 45 daga kowane baki, saura 440. In ka raba da 120 za ka samu uku da ɗori, don haka tazara huɗu ake bukata, kowace santimita 110. Tazara huɗu tana nufin hanga biyar, ba huɗu ba, kamar yadda shinge mai tazara huɗu yake bukatar turke biyar. Nan mutane da yawa suke zubar da ɗaya a kowane layi. Za su zauna a 45, 155, 265, 375 da 485. Ka lura ta huɗun ta faɗa kusa da mahaɗar sanduna biyu da ke 360, kuma haka ake so, don mahaɗa ita ce wuri mafi rauni. Layi huɗu sau biyar, hanga 20. Tsohuwar hanya 15 za ta ce.

Fitila mai girman allo, wadda ake kwantarwa a gurbi, a ba ta hanga biyu nata, a kusurwoyi masu fuskantar juna. In fitilu biyu ne, an koma 24. Fanka kuwa ba ta da wata alaƙa da silin. Ƙugiyarta a jikin dakin ko a katako mai ƙarfi take, ƙarfenta ya ratso ta allo ba tare da ya taɓa sanda ba. Fankar da aka ɗaura a jikin men-ti tana girgiza silin dare da rana har wayoyi su kwance.

Tsawon kowace waya shi ne zurfin da silin ya sauka, a ƙara abin ɗauri sama da ƙasa. In zurfin santimita 50 ne, a yanka 90. Guda 24 sun ci mita 21.6, a sayi 25. A rufin kwano zurfin ba ɗaya ba ne ko'ina, sai a duba katakon da kowace za ta kama. Wayar da ta dace ita ce mai ruwan tutiya da ba ta tsatsa, mai lamba 12, kaurinta ya ɗan haura milimita biyu da rabi. Abin da nake yawan gani a wuraren aiki shi ne baƙar wayar ɗaure rodi, wadda birkila ya bari. Siririya ce, tana miƙewa in ta daɗe da kaya, tana kuma tsatsa da zarar damshin damina ya shiga rufi. Silin da aka rataya da ita yana fita lafiya ranar da aka gama, bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ga ya fara igiyar ruwa.

Ɗaurin ma yana da ƙa'ida. Waya ta shiga ramin da ke jikin sanda, a lanƙwaso ta sama, a naɗe ta a jikin kanta sau uku a matse. Ta tsaya a miƙe, ba a karkace ba. Wayar da ta karkata sosai tana jan sandar gefe, murabba'ai su murɗe, allo ya ƙi zama. A sama kuma katako ko dakin kaɗai za ta kama. Ba a ɗaura ta a bututun ruwa, ko bututun wayar lantarki, ko a jikin kwano. In katakan rufin sun yi nisa da juna har hanga ba ta samun wuri a kowane santimita 120, kafinta ya gitta ƙarin katako tukuna, kuma kuɗinsa ya shiga lissafi tun farko. Hanya mafi sauƙi ta gane aikin ƙwarai ita ce, kafin a sa alluna, ka sa hannu ka taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta kasance a ɗame. Wadda ka ji tana lilo ba ta ɗauke da komai, maƙwabtanta ne ke ɗauke da rabonta.

Ƙafa biyu ba santimita 60 ba ce

Saura tarko ɗaya, kuma a kasuwa yake. Mun saba cewa allon silin ƙafa biyu ne ta ko'ina, muna kuma ce masa santimita 60, kamar abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ƙafa biyu ta kusa santimita 61. Akwai kayan da aka ƙera a kan awon mita, akwai waɗanda aka ƙera a kan awon ƙafa, dukansu kuma suna shigowa. Doguwar sandar awon ƙafa mita 3.66 ce, ba 3.60 ba. Allon awon mita ainihin faɗinsa santimita 59.5 ne, don ya samu wurin shiga. Na awon ƙafa ya ɗan haura 60. In ka haɗa allon ƙafa da sandunan mita, ba zai shiga ba sai an fere kowanne. In ka haɗa allon mita da sandunan ƙafa, zai shiga, amma da ƙyar bakinsa yake kama ƙarfen, abin da bai kai rabin santimita ba ta kowane gefe. Irin wannan ne iskar farkon damina take shiga rufi ta ɗaga, a wayi gari allo a ƙasa. Ga shi kuma a gurbi tara bambancin ya kusa santimita tara, duk lissafin gefen da muka yi ya rushe.

Don haka ka shiga shago da tef a aljihu. Auna allo ɗaya, auna gajeruwar sanda ɗaya, ka haɗa gurbi guda a ƙasa a gaban mai shagon ka kwantar da allon a ciki. Sandunan duka su fito daga kamfani ɗaya, saboda harshen kuros-ti na wani kamfani ba lallai ya kama a tsagar wani ba, kuma faɗin fuskarsu ma iri biyu ne, milimita 24 da 15.

Takardar da mai falon nan zai riƙe ke nan: allo 66 ko abin da kwalaye suka kai, dogayen sanduna bakwai, matsakaita 18, gajeru 45, angul bakwai, waya mita 25, ƙusoshin bango 50, da abin kama waya a sama guda 24. Allunan da suka rage bayan an gama kada a bar yaran aiki su tafi da su, kada kuma a jingina su a bango, don suna lanƙwashewa. A kwantar da su a kwalinsu a busasshen wuri. Ranar da kwano ya yi yoyo ya bar tabo a allo biyu, za ka tarar zanen da ka saya ya ɓace daga kasuwa, farin sabon kuma bai yi daidai da farin tsohon ba.